Mai Hatsi A Kasuwar Katako Da Maganar Karɓar Tiransifa

Yadda ake ciniki kafin Oktoba 2022

Mutumin da za a bi lamarinsa ɗan kasuwa ne mai shekara hamsin da 'yan kai, yana da rumfar hatsi a Kasuwar Katako cikin Jos. Masara, gero, dawa da wake yake sayarwa, wani lokaci da acca. Masu sayen kayansa kashi biyu ne. Akwai masu awon mudu, wato matan gida, masu ƙosai da masu masa, waɗanda cinikinsu ba ya wuce 'yan dubbai. Akwai kuma masu ɗaukar buhu, yawancinsu masu kiwon kaji da ke kewayen Jos da Bukuru, waɗanda ke haɗa abincin kajinsu da kansu. Ribar mudu ta fi kauri, amma buhu ne ke juya jari.

Kayan kuma daga hanya biyu suke shigo masa. Wani yakan saro a hannun manyan diloli da ke sauke mota a cikin gari, wani kuma yakan bi kasuwannin Mangu, Jengre da Saminaka ya saya a hannun manoma da 'yan tsakiya. A ƙauye ba a san wani yare ba sai tsabar kuɗi. Manomi ya sauke buhunsa, an ƙirga masa kuɗinsa a hannu, ya wuce sayen taki ko maganin feshi.

Yana da asusun ajiya ɗaya a banki wanda ya buɗe shekarun baya, amma ba ya taɓa shi sai zai ajiye kuɗi mai ɗan yawa. Wayarsa ƙarama ce mai maɓalli. Idan mai saye ya ce zai yi tiransifa, amsarsa ɗaya ce: ga mai POS can a bakin layi, a je a ciro a dawo. Littafin rumfar yana hannun ɗan ƙanwarsa, saurayi da ya gama sakandare, kuma daga wannan littafin ne yawancin alƙaluman da ke nan suka fito.

A ƙarshen 2022 lissafin buhun masara a littafin haka yake: saye naira 24,000, kuɗin mota da 'yan dako naira 1,000, sayarwa naira 26,500. Riba naira 1,500 ke nan a buhu. A riƙe wannan adadi, domin duk abin da ya biyo baya a kansa za a auna shi.

Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023: alamun farko

Ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023. A cikin Disamban ne kuma aka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa a mako, da farko naira 100,000, daga baya aka ɗaga zuwa 500,000.

Yaron ya fara wani abu da ba a sa shi ba. Duk wanda ya tambayi lambar asusu sai ya ja layi a bayan littafi, idan ya je wurin mai POS ya dawo sai ya soke layin. Cikin mako biyu na Nuwamba ya ja layi goma sha tara, ya soke goma sha ɗaya. Mutum takwas ba su dawo ba, kuma uku daga cikinsu masu buhu ne.

Ya nuna wa kawun nasa, ya ce: "Kawu, waɗannan fa ba fasa sayen suka yi ba. Layin baya suka shiga, can ana karɓa."

Kawun ya ce: "To idan na karɓi kuɗin a waya, ranar kasuwar Mangu wayar zan miƙa wa manomi?"

Maganar ta tsaya a nan. Ba a buɗe sabon asusu ba, ba a kuma je banki an duba halin da tsohon yake ciki ba.

Fabrairu 2023: shiga ba shiri

An ƙara wa'adin tsofaffin kuɗi zuwa 10 ga Fabrairu, amma sababbin ba su wadata ba. Layuka suka cika bakin bankuna tun daga asuba, masu POS da yawa suka rufe laimominsu. A makon farko na watan cinikin rumfar ya faɗi ƙasa da rabin yadda aka saba. Mutane na zuwa da kuɗi a asusunsu, ba su da ko ɗari biyar a aljihu. Dole ta sa ya ce a fara karɓa.

Abin da ya fi kusa shi aka ɗauka, wato asusun waya na yaron, wanda ya buɗe a wata manhaja da lambar wayarsa kaɗai. Kwana biyu komai ya tafi daidai, domin masu mudu ne ke turo dubu biyu, dubu biyar. Rana ta uku wani mai kaji ya ɗauki buhu biyar, ya tura naira 132,500. An cire kuɗin a asusunsa, amma ba su shigo ba. Sai daga baya suka gane dalili: asusun yaron matakin farko ne, kuma a ƙa'idar Babban Banki irin wannan asusu hada-hadarsa a rana ba ta wuce naira 50,000, abin da zai iya riƙewa kuma bai wuce 300,000. Mai kajin ya nace a ba shi kaya tunda an cire masa kuɗi, mai hatsi ya ce bai ga komai ba. Kwana uku aka yi kafin kuɗin su koma wa mai su, kuma a cikin kwanakin ya je ya sayi masararsa a wani wuri, domin kaji ba sa jira.

Daga nan aka koma kan tsohon asusun banki na mai rumfar. Wannan ba shi da matsalar iyaka, amma shaida ɗaya ce tak da yake da ita cewa kuɗi sun shigo, ita ce saƙon alat a ƙaramar wayarsa. A wancan watan kuwa hanyoyin tura kuɗi sun cunkushe, alat na gaskiya yakan yi awa biyu ko uku bai iso ba. Mutane suka saba da jira, suka kuma saba da sakin kaya bisa yarda.

Ranar wata Laraba, yaron yana layin banki, wani mutum mai tsabtar shiga ya zo da mai Keke Napep, ya yi cinikin buhu biyu na wake a kan naira 96,000. Ya karɓi lambar asusu, lambar waya kuma tana rubuce a jikin rumfa. Ya nuna rasit a fuskar wayarsa mai ɗauke da kalmar Successful. Minti ɗaya bayan haka wayar mai hatsi ta yi ƙara, ga saƙo mai sunan bankinsa a farkon layi da adadin kuɗin. Aka loda wake aka tafi.

Da yamma yaron ya duba saƙon, ya ga abubuwa biyu. Na farko, saƙon ya fito ne daga lambar waya ta talakawa mai lamba goma sha ɗaya, bai kuma faɗa cikin jerin saƙonnin da bankin ya saba turowa ba. Na biyu, ragowar kuɗin da aka rubuta a ƙarshensa ba ta yi daidai da alat na baya ba idan aka ƙara 96,000. Suka buga lambar duba asusu, suka ga babu abin da ya shigo. Ribar buhu sittin da huɗu na masara ta tafi a ciniki ɗaya.

Wannan asarar ita kowa ya ji labarinta a layin. Amma akwai wata da ba ta da hayaniya, wadda ke cin jari kowane mako. Kuɗi sun taru a asusu, rumbu yana ƙarewa, ƙauye kuma tsaba yake so. Ya yi niyyar sayen buhu talatin, abin da ke buƙatar naira 750,000. Bayan yawon kwana biyu, naira 200,000 kawai ya samu a hannun wani mai POS da wani mai shago, a kan cajin naira 1,000 ga kowace 10,000. Ya biya 20,000 ke nan don ya karɓi kuɗinsa. Da 200,000 ya kawo buhu takwas, ribarsu duka 12,000. Tun kafin ya kwance bakin buhu ɗaya ya riga ya faɗi da naira 8,000. Ya ƙara farashi don ya cike, amma bai iya ƙarawa yadda ya so ba, saboda waɗanda ke saro kaya a hannun diloli ta tiransifa ba su da wannan nauyin a kansu, suna sayarwa ƙasa da shi. Zuwa tsakiyar Maris littafin ya nuna kusan naira 65,000 ta tafi a cajin sayen tsaba kaɗai.

Maris zuwa Agusta 2023: komawa gidan jiya

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, Babban Banki ya bi umarnin ranar 13 ga wata. Tsaba ta fara dawowa sannu a hankali. Mai hatsi ya sa aka goge lambar asusun da aka rubuta da alli a jikin rumfa. Ya ce ya gwada, ya ga ƙarshenta.

Masu mudu sun dawo da kuɗinsu a ƙullin zane kamar da. Masu buhu ne ba su koma ba. Su kansu masu sayen ƙwai sun koma biyansu ta waya, saboda haka kuɗinsu na cikin asusu, kuma babu wanda ke son ya biya caji ya ciro dubu ɗari da hamsin, ya ratsa Katako da ita a aljihu. Wata mai gonar kaji da ta shekara shida tana saye a wurinsa ta tsaya ta gaishe shi wata rana, buhunanta na kan kura daga wata rumfar. Ta ce: "Alhaji, wallahi ba don masararka ba ta da kyau ba. Ni dai na daina yawo da kuɗi."

A watan Yuli yaron ya zauna ya fitar da lissafi a shafi guda. Masu kaji uku da suka bar su, kowannensu kan ɗauki kimanin buhu biyar a mako. Ko a tsohuwar ribar 1,500, wannan naira 22,500 ce a mako. A ɗaya gefen ya rubuta abin da tiransifa za ta ci idan babu sayen tsaba: harajin naira 50 da ake cirewa a lokacin a duk kuɗin da suka kai 10,000 suka shigo asusun banki, wanda a ciniki arba'in zai zama 2,000, cajin tura wa diloli, naira 53.75 a duk turawar da ta haura 50,000, sau shida bai kai 350 ba. Sai data ta kusan 1,000. Duka bai kai naira 3,500 a mako ba.

Kawun ya daɗe yana kallon shafin. Tambayarsa ba ta canza ba tun Nuwamba: ina za a samo kuɗin ƙauye? Sai dai a wannan karon an zauna an nemo mata amsa.

Satumba 2023: shiga ta biyu

Abin da suka fara yi ba zuwa banki ba ne. Sun jera duk waɗanda yake biya a mako, suka tambayi kowa ko yana karɓar tiransifa. A lokacin farashi ya tashi, sayayyarsa ta mako ta kai kimanin naira 1,500,000. Diloli huɗu na cikin gari, waɗanda ke cin kusan 900,000 daga ciki, duk suka ce suna karɓa, biyu ma sun fi son haka. Direban da ke ɗauko masa kaya shi ma yana da asusu. Abin da ya rage, kusan 600,000, shi ne na manoma, 'yan dako da kuɗin kasuwa, wanda sai tsaba.

Sai suka juya ga ciniki. Awon mudu kaɗai yana kawo tsakanin 550,000 da 650,000 a mako, kusan duka a hannu. Ashe rumfar da kanta tana samar da tsabar da ƙauye ke buƙata. A da yana ɗaukar wannan tsabar ya biya diloli da ita, ya haɗa komai a buhu ɗaya. Yanzu aka raba: kuɗin mudu na ƙauye ne, ba a kai su banki, ba a ba dila, kuɗin buhu su shigo ta asusu, su fita ta asusu zuwa ga diloli. Ya kuma yi magana da wani ɗan tsakiya a Jengre mai asusu, wanda ya yarda a tura masa ya biya manoma idan tsabar ta gaza.

Bayan haka aka gyara kayan aiki. Ya je banki da BVN da NIN da takardar shaidar adireshi, ya buɗe asusu na rumfa daban da na gida. Ya buɗe na biyu a ɗaya daga cikin manhajojin da suka cika kasuwa irin su OPay, PalmPay da Moniepoint, da sunansa, aka ɗaga shi zuwa mataki na uku, wanda ba shi da iyakar abin da zai riƙe. Dalilin biyun shi ne ranar da ɗaya ya tsaya a koma ɗayan. Ya sayi babbar waya ta hannu a kan naira 60,000, wadda ke kwana a wurinsa. Yaron ne ke dubawa, amma lambar sirri ta tura kuɗi tana kan mai rumfar shi kaɗai, ya zauna kwana da kwanaki ya koyi gane adadi da sunan mai turowa da idonsa.

Doka ɗaya aka kafa, aka kuma rubuta ta a allo kusa da lambobin asusun: kaya ba sa fita sai an ga kuɗi a cikin manhajar rumfa. Ba rasit a wayar mai saye ba, ba hoton rasit ba, ba saƙon alat ba. Idan kuɗi suka maƙale, wato wayar mai saye ta nuna Pending ko an cire masa ba su iso ba, ana rubuta sunansa da adadin da lambar Session ID mai lamba talatin, a ware masa buhunansa gefe. Da wannan lambar banki ke bin sawun kuɗin. Wanda aka sani shekara da shekaru ana iya ba shi kayan, amma a shafin bashi ake rubutawa har sai kuɗin sun bayyana. Wannan ya kashe gardama da yawa, domin kowa a kasuwa ya san hukuncin bashi.

Ba a hana mai mudu yin tiransifa ba, amma ba a tallata masa. Idan ta yi yawa tsabar ƙauye za ta ragu, don haka yaron yana sa ido a kan wannan adadin kowace Alhamis.

Disamba 2023 zuwa 2025

A Disamba 2023 ƙarancin tsaba ya sake kunno kai, cajin masu POS ya sake hawa. Masu mudu da yawa suka koma waya, tsabar mako ta sauko zuwa kusan 350,000. Ya rage zuwa ƙauye, ya ƙara saye a hannun diloli, ya tura wa ɗan tsakiyar Jengre sau biyu. A watan duka naira 9,000 ya kashe a sayen tsaba, rumbunsa kuma bai taɓa zama wayam ba. A farkon wannan watan ne Babban Banki ya fitar da umarnin cewa dole kowane asusu ya kasance da BVN ko NIN, manyan matakai kuma da duka biyun, aka sa 1 ga Maris 2024 a matsayin wa'adi. Shi ya riga ya wuce wannan.

An sake gwada masa alat na bogi sau biyu a 2024. Duka biyun yaron ya buɗe manhaja, ya juya wayar ya nuna wa mai sayen, ya ce a ɗan jira. Duka biyun mai sayen ya ce zai je ya dawo.

Matsala ɗaya sabuwa ta taso a tsakiyar shekarar. Wani baƙo ya biya buhu huɗu daga asusun da ke ɗauke da sunan mace. Bayan mako guda aka riƙe daidai wannan adadin a asusun rumfa, saboda mai asusun ta kai ƙara cewa an sace mata waya. Sai da ya yi zirga-zirga kusan mako uku da littafin ciniki kafin a saki kuɗin. Tun daga nan, baƙon da zai biya kuɗi mai yawa da sunan da ba nasa ba, sai ya kira mai asusun a gabansu, a kuma rubuta lambar wayarsa da ta abin hawan da ya ɗauki kaya.

Daga 1 ga Disamba 2024 harajin naira 50 ya shiga asusun manhajojin waya su ma. Wasu a layin suka fara cewa mai saye ya ƙara hamsin ko ɗari a kai. Shi bai yi ba. A buhu, hamsin ba ta taɓa riba. A awon dubu goma kuwa ya ga bai dace a yi ja-in-ja da mai ƙosai a kanta ba. Biyu daga masu kajin uku sun dawo, har da matar nan, an kuma samu sababbi huɗu.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina tambayar da ya yi a Nuwamba 2022 daidai ce, kuskuren shi ne an bar ta ba amsa har wata goma. Yawan masu tambayar lambar asusu yana nuna abin da ɗan kasuwa ke rasawa, amma shi kaɗai bai isa ya ce lokaci ya yi ba. Abin da ya yanke hukunci a wannan rumfa shi ne ƙofar fitar kuɗin. A Fabrairu 2023 kowace naira da ta shigo ta waya sai an sake sayen ta da kashi goma cikin ɗari, alhali ribar buhu kashi shida ce, don haka yawan ciniki yawan asara. A Satumba, da kashi uku cikin biyar na sayayyarsa ke iya fita ta asusu, cajin bai kai ribar buhu uku a mako ba. Diloli huɗun nan suna da asusu tun kafin 2022. Da an tambaye su a lokacin, da shirin Satumba ya yiwu tun Disamba, cikin natsuwa, kafin layin banki da ruɗani.

Asarar wake da ta mai kajin farko kuwa ba laifin tiransifa ba ne a kanta. Ɗaya ta zo ne daga dogaro da saƙo maimakon ganin asusu, ɗayar daga aron asusun da bai kai girman cinikin ba. Dukansu abubuwa ne da ake gyarawa a yini guda idan ba a cikin matsi ake ba.

Wannan lissafin ba zai fito iri ɗaya ga kowa ba. Maƙwabciyarsa mai sayar da kuka, daddawa da barkono, wadda cinikinta ɗari biyu ne zuwa ɗari biyar, kayanta kuma duka daga matan ƙauye suke zuwa, ta zauna da yaron suka yi irin wannan shafin. Abin da take rasawa a mako bai kai abin da za ta kashe wajen ciro kuɗin ba. Har yanzu tsaba take karɓa, wanda ya nace kuma takan turo shi rumfar hatsi ya tura, a rubuta sunanta a gefen littafi, a ƙirga mata kuɗinta kafin la'asar.